Cutar gado da ke tsiyaye gishirin jikin jariri bayan an yi suna

Akwai wata cuta ta gado da ke zuwa da fuska biyu. Idan jaririya mace ce, ungozoma kan lura da matsala tun ranar haihuwa, domin al'aurar yarinyar ba ta fito sarai irin ta mace ba. Idan kuwa namiji ne, babu abin da ake gani. A yi barka, a yanka ragon suna, 'yan buki su watse, sai a mako na biyu ko na uku yaro ya fara ƙin nono, ya riƙa amai, ya rame. Idan ba a gano abin da ke damunsa ba, cikin 'yan kwanaki yana iya rasuwa.

A takardun asibiti ana rubuta sunan cutar a taƙaice da haruffa uku, CAH. Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashen da ke gwada kowane jariri ta nuna cewa nau'inta mai tsanani na samun jariri ɗaya cikin kowane 14,000 zuwa 18,000, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan jarirai suna da nau'in da ke zubar da gishiri.

Maza da mata suna gadon cutar daidai wa daida. Amma likitoci sun daɗe da lura da wani abu: a wuraren da ba a gwajin jarirai, mata sun fi yawa a rajistar masu cutar. Ba don mazan ba su kamuwa ba ne. Da yawansu sun mutu ne kafin a san sunan abin da ya kashe su.

Inda matsalar take

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal. Ba ta tace fitsari kamar ƙoda; aikinta shi ne sarrafa sinadaran da ke tafiyar da jiki. Uku daga cikinsu ne suka shafi wannan cuta.

Na farko shi ne kotisol, wanda ke riƙe sukarin jini da ƙarfin bugawar jini, musamman lokacin da jiki ya shiga wahala kamar zazzaɓi ko rauni. Na biyu aldostiron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta kuma fitar da wani sinadari da ake kira fotashiyam. Na uku su ne sinadaran namiji, wato andirojin, waɗanda maza da mata duk suna da su, sai dai na mace kaɗan ne.

Dukkan ukun daga abu ɗaya ake yin su, wato kolestarol, mataki-mataki, kuma kowane mataki yana da nasa ma'aikacin da masana ke kira inzayim. A fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar, ma'aikaci ɗaya ne ya lalace, mai suna 21-haidiroksiles. Sai da shi ake kammala kotisol da aldostiron. Sinadaran namiji kuwa ba su buƙatarsa.

Duk wanda ya san noman rani zai fahimci abin da ke biyo baya. A ce babbar hanyar ruwa ta rabu uku zuwa gonaki uku, sai bakin biyu ya toshe. Ruwan ba zai koma dam ba, zai taru ne ya kwarara ta hanya ta ukun. Masu gonakin da suka bushe kuma za su yi ta aike a ƙara buɗe ruwa, kuma duk abin da aka ƙara, gona ta ukun yake malalawa.

Haka jiki yake yi. Wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa takan ji cewa kotisol ya yi ƙaranci, sai ta yi ta aika wa adirinal saƙon ta ƙara himma. Adirinal ta yi ta aiki har ta kumbura ta ninka girmanta, amma ba kotisol, ba aldostiron, sai tulin sinadaran namiji. Daga nan fuskokin cutar biyu suka samo asali: ƙarancin abin da ke riƙe gishiri, da yawan abin da ke mayar da siffa ta namiji.

Tsananin cutar ya danganta ne da ko akwai sauran aiki a inzayim ɗin. Idan ya mutu murus, gishiri zai zube. Idan akwai sauran kashi 1 ko 2 cikin 100 na aikinsa, yawanci hakan kan isa a samar da ɗan aldostiron da zai hana jariri shiga halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai, amma sinadaran namijin za su ci gaba da yin yawa.

Gadonta irin na sikila ne

Wanda ya san yadda AS da AS ke haifar da SS ya riga ya san lissafin wannan cuta. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar halittar da ke samar da inzayim ɗin, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai kwafi ɗaya lalatacce lafiyarsa ƙalau, bai ma san yana ɗauke da komai ba. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 60 haka yake.

Idan irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Ciki ba ya tuna na bayansa: ana iya samun 'ya'ya biyu a jere masu cutar, ana kuma iya haihuwar shida ba a samu ko ɗaya ba.

Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, tunda 'ya'yan wa da ƙani suna iya gadon kwafi ɗaya daga kaka ɗaya. Ƙananan al'ummomin da suka daɗe suna aure a tsakaninsu su ne suka fi yawan masu cutar a duniya. A cikin ƙabilar Yupik ta Alaska an taɓa samun jariri ɗaya cikin kusan 300. Amma akasarin masu auren zumunci ba su haifar mai cutar, kuma bare da bare ma suna haifa. Abin lura shi ne gwajin jini da ake yi kafin aure domin sikila ba ya nuna wannan, don ƙwayar halittar daban ce.

Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba kuma wani abu ta ci ko ta taka da ciki ba. Sai iyaye biyu sun ba da nasu kason kafin cutar ta bayyana.

Yadda abin ke faruwa ga ɗa namiji

A ɗauki misalin jariri namiji da aka haifa da nauyin kilo 3.2. Ya yi kuka, ya kama nono, komai nasa daidai. A cikin ciki mabiyiya ce ke daidaita masa gishirin jini daga na uwarsa, shi ya sa ya fito lafiya. Daga yanke cibi ne ƙodarsa ta karɓi aikin, kuma babu sinadarin da zai ce mata ta riƙe gishiri.

Duk fitsarin da ya yi, gishiri na fita, ruwa na bin gishirin. Nonon uwa, duk da amfaninsa, gishirinsa kaɗan ne, domin jariri mai lafiya ba ya buƙatar mai yawa. Don haka abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba. A makon farko giɓin bai yi girman da za a gani ba. Ranar suna yaron na iya zama garau a hannun 'yan barka.

Kowane jariri kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, har zuwa kashi 10 cikin 100, sannan ya koma nauyin haihuwarsa a kwana na 10 zuwa 14. Wannan yaron bai koma ba. A kwana na 10 ya fara tsotso kaɗan ya saki. A kwana na 12 amai ya fara. Ya yi ta barci, kukansa ya raunana, maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma. A kwana na 16 da aka kai shi asibiti, sikeli ya nuna kilo 2.7, wato ya rasa rabin kilo, kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsa.

A nan ne ake yawan ɓatan kai. Jariri ɗan mako biyu mai amai da kasala, abin da ya fi zuwa zuciyar kowane ma'aikacin lafiya shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga jini, kuma yana da gaskiya, domin hakan ya fi wannan cuta yawa nesa ba kusa ba. Sai a sa masa ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka ƙara masa na da gishiri, don haka ya farfaɗo, kowa ya ɗauka allurar ce ta yi aiki. A sallame shi, bayan 'yan kwanaki ya koma gidan jiya, wani lokaci ba ya kai wa ga dawowa asibitin.

Akwai alamu da ke bambanta shi da mai amai da gudawa na yau da kullum. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙare saboda gudawa, fitsarinsa kan ɗauke, domin ƙoda na ƙoƙarin tattalin abin da ya rage. Wannan kuwa yana bushewa amma yana ci gaba da jiƙa zane, sai can da abin ya yi nisa. Sau da yawa babu zazzaɓi, babu kuma wata gudawar kirki da za ta bayyana irin wannan bushewa. Jakar marainansa da kan nononsa na iya yin duhu fiye da kima, sai dai wannan alama tana da wuyar ganewa a baƙar fata, bai kamata a dogara da ita ba.

Abin da ke fasa ƙwai shi ne gwajin gishirin jini, wanda ake rubutawa E/U/Cr a takardar gwaji, kuma akasarin manyan asibitoci suna yin sa. Sodiyam, wato sinadarin gishiri, ya kamata ya kasance tsakanin 135 da 145. Fotashiyam kuma bai kamata ya wuce 6 ba a sabon jariri. A yaro irin na misalin nan ana iya ganin sodiyam 118, fotashiyam 8, sukarin jini kuma ya faɗi.

Haɗuwar waɗannan biyu, sodiyam a ƙasa fotashiyam a sama, ita ce babbar shaida. Gudawa takan rage fotashiyam ne. Toshewar bakin tumbi, wata matsalar da ke sa jarirai maza amai mai tsartuwa a tsakanin mako na 3 da na 6, ita ma rage shi take yi. Fotashiyam mai yawa kuwa shi ne ke rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, shi ya sa wasu yaran ke mutuwa farat ɗaya.

Gwajin ma yana da nasa tarkon. Idan aka matse dunduniyar jariri da ƙarfi wajen ɗibar jini, ƙwayoyin jini kan fashe su sa fotashiyam ya hau a takarda alhali a jiki bai hau ba. Saboda ma'aikata sun saba ganin haka, wani lokaci sukan yi watsi da sakamako na gaskiya. Idan sodiyam ma ya sauka, ba matsa ba ce. Haka kuma toshewar mafitsara ko ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari na iya ba da sakamako mai kama da wannan, don haka ana duba fitsari a kuma ɗauki hoton ƙoda.

Gwajin da ke tabbatar da cutar shi ne 17-OHP. Wannan shi ne sinadarin da ke taruwa a bakin hanyar da ta toshe, kuma a jariri mai cutar yakan ninka na mai lafiya sau goma-goma, har fiye da ɗari. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma idan an aika jinin wani gari sakamako na iya ɗaukar kwanaki. Ƙa'idar likitoci ita ce a ɗebi jinin a ajiye kafin a ba da magani, amma ba a jiran sakamako kafin a fara ceto.

Ceton kansa ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman. Ana sa wa yaron ruwan gishiri ta jijiya, mililita 20 ga kowane kilo, wato mililita 54 ga mai kilo 2.7, a maimaita idan da buƙata. A ba shi ruwan sukari idan sukarinsa ya faɗi. Sai allurar haidirokotizon, miligiram 25 ga jariri, wadda ke maye gurbin kotisol ɗin da babu, sannan a ci gaba da ba shi duk bayan awa shida. A wannan yawan, allurar na kuma taimaka wa ƙoda ta riƙe gishiri. Ana kauce wa duk ruwan da ke ɗauke da fotashiyam. Yaron da aka kawo a sanƙame kan fara neman nono cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tambaya ɗaya da ba ta cin ko sisi tana iya kai likita ga cutar: shin an taɓa rasa jariri a watan farko a wannan ɗaki, ko a dangi? A ƙasar Hausa, macen da 'ya'yanta ke mutuwa a jere akan ce tana wabi. Dalilan hakan suna da yawa, kuma wannan cuta ɗaya ce kawai daga cikinsu. Amma idan jarirai maza ne ke tafiya a mako na biyu ko na uku da amai da rama, musamman idan akwai 'yar'uwarsu da aka haifa da al'aura mai ruɗarwa, to ya kamata a yi zarginta kafin komai.

Ita kuma 'ya mace

A makonnin farko na ciki, al'aurar ɗan tayi namiji da ta mace iri ɗaya ce. Sinadaran namiji ne ke juya ta zuwa ta namiji. Yarinya mai wannan cuta, adirinal ɗinta kan fara zubo waɗannan sinadarai tun kafin ciki ya cika wata uku, daidai lokacin da al'aura ke ɗaukar siffa. Sai ɗan-tsakanta ya girma, leɓatun al'aurar su haɗe su yi kama da jakar maraina, hanyar fitsari da ta farji su fito ta kafa ɗaya.

Abin hawa-hawa ne. Wani likitan yara ɗan Switzerland, Andrea Prader, ya kasa shi mataki biyar a shekarun 1950, daga ɗan girman ɗan-tsaka kawai har zuwa siffar da ba ta da bambanci da ta namiji. Amma a ciki komai na mace ne: akwai mahaifa, akwai ma'ajiyar ƙwai, kuma ƙwayoyin halittarta XX ne. Idan ta samu kulawa za ta yi al'ada, kuma da yawa sun yi aure sun haihu. Wannan cuta ita ce kan gaba wajen jawo abin da jama'a ke kira mata-maza a jariran da asalinsu mata ne.

Daga nan likitocin yara suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi: duk jaririn da ya yi kama da namiji amma aka laluba ba a ji ƙwayar maraina ko ɗaya ba a ɓangarori biyu, kada a yanke hukunci sai an bincika. Hoton ciki na iya nuna mahaifa a rana ɗaya. Kuma a riƙa auna gishirin jininsa a kai a kai a makonnin farko, domin yarinyar ma gishirinta na zuba kamar na namijin. Siffar al'aurar ba ita ce ke kisa ba, amma ita ce kan janye hankalin kowa daga abin da ke kisan.

Matsin da iyaye ke shiga a wannan mako ba ƙarami ba ne. 'Yan barka na tambayar me aka samu, kwana bakwai na ƙaratowa, ga rago an saya. Wasu kan ɓoye al'amarin don kunya su zaɓi jinsin da ya fi kama, galibi namiji. Sakamakon kan fito bayan shekaru, lokacin da sauya suna da matsayi ya zama babban al'amari ga yaro da danginsa. Jinkirta sanarwa na 'yan kwanaki ya fi wannan sauƙi.

Akwai kuma haɗarin aska. A gidajen da ake kiran wanzami a makon farko ya cire beli ko ya yanke abin da ake kira angurya, ana iya ɗaukar girman ɗan-tsakan a matsayin tsiron da za a yanke. Wurin na da jijiyoyin jini da na ji sosai, kuma jaririyar da ba ta da kotisol ba ta iya jure zubar jini da rauni kamar sauran jarirai. Haka ma kaciyar ɗa namiji mai cutar, ba a yin ta sai likita ya ƙara masa magani tukuna.

Tiyatar gyaran al'aura aikin ƙwararru ne, kuma ba ta gaggawa ba ce. Su kansu masana suna da saɓani kan lokacin yin ta: wasu na ganin a yi tun yarinya na ƙarama idan siffar ta yi nisa, wasu na ganin a jira ta girma a ji ta bakinta.

Tarihin cutar ma da irin wannan ruɗani ya fara. A 1865 wani likita a birnin Naples na Italiya, Luigi de Crecchio, ya wallafa bayanin gawar wani mutum da ya rayu a matsayin namiji har ya haura shekara 40. Da aka buɗe cikinsa sai aka tarar da mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, ga kuma adirinal manya-manya. Sai a 1950 Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa ba da kotizon na kwantar da cutar.

Magani na har abada, da wahalarsa

Ba a warkewa daga cutar, amma ana maye gurbin abin da jiki ya kasa yi. Jariri mai nau'in zubar da gishiri yana buƙatar abu uku kullum: ƙwayar haidirokotizon sau uku a rana, ƙwayar fuludirokotizon wadda ke yin aikin aldostiron, da ƙarin gishiri giram 1 zuwa 2 a rana da ake rarrabawa a lokutan shayarwa har ya fara cin abincin gida. Haidirokotizon na yin aiki biyu: yana cike giɓin kotisol, yana kuma sa ƙwaƙwalwa ta daina matsa wa adirinal, sai sinadaran namijin su sauka.

Magungunan biyu tsofaffi ne, kuma suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wahalar tana wajen aunawa da samu. Ana lissafa haidirokotizon da faɗin jikin yaro, kuma abin da sabon jariri ke buƙata a lokaci ɗaya bai fi miligiram ɗaya da ɗan kai ba, alhali ƙwayar da aka fi samu ta miligiram 10 ce. Ke nan sai mai harhaɗa magani ya niƙa ya auna, ko a koya wa uwa yadda za ta narkar da ita ta ja adadin da sirinji. Fuludirokotizon kuwa ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba.

Idan maganin ya yanke, akwai jarabar a maye shi da deksametazon, wanda ke ko'ina kuma da araha. Wannan kuskure ne ga yaro mai tasowa: ƙarfinsa ya ninka na haidirokotizon sau da dama, yana tsayar da girma, kuma ba ya riƙe gishiri ko kaɗan. Ruwan gishiri da sukari na gudawa shi ma ba madadin magani ba ne.

Adadin maganin na buƙatar sa ido. Idan ya yi yawa, yaro zai yi ƙiba, fuskarsa ta cika, tsawonsa ya tsaya. Idan ya yi kaɗan, sinadaran namiji su dawo: yaro ɗan shekara uku ko huɗu ya fito da gashin mara da warin hamata, ya zarce sa'o'insa tsawo, amma ƙasusuwansa su rufe da wuri ya ƙare a gajere. Da wannan siffa ne ma ake fara gano mazan da ke da nau'in da ba ya zubar da gishiri, kuma alamar da likita ke dubawa ita ce azzakari ya girma amma maraina na nan ƙanana. Shi ya sa awon tsawo da nauyi duk bayan 'yan watanni wani ɓangare ne na maganin.

Darasin da ya fi muhimmanci ga iyaye shi ne na ranar rashin lafiya. Jikin mai lafiya yana ninka kotisol da kansa idan zazzaɓi ya zo. Jikin wannan yaro ba ya iyawa, don haka idan zafin jiki ya kai 38.5 ana ninka haidirokotizon sau biyu ko uku bisa tsarin da likita ya rubuta. Idan yana amai maganin ba ya zama, ko ya yi laushi, sai allura a cinya nan take kafin a kama hanyar asibiti: miligiram 25 ga jariri, 50 ga yaro, 100 ga wanda ya balaga. A yankin da maleriya da gudawa ke zagayowa kowace damina, ga zafin bazara da ke fitar da gishiri ta gumi, gidan da babu wannan allura a ajiye yana cikin haɗari. Ya kamata kuma yaron ya kasance da kati mai bayanin cutarsa, saboda ma'aikacin da zai fara karɓarsa a ƙaramin asibiti mai yiwuwa bai taɓa ganin irinta ba.

Giɓin da ke tsakanin suna da arba'in

Tun 1977 aka samar da hanyar gano cutar da ɗigon jini daga dunduniyar jariri a kan takarda. Amurka da ƙasashe da dama na yi wa kowane jariri wannan gwaji a kwanakin farko, kafin gishiri ya fara sauka. Gwajin ba cikakke ba ne, domin bakwaini da jariri marar lafiya kan nuna kamar suna da cutar alhali ba su da ita, kuma Birtaniya ba ta sa shi cikin gwajin jariranta ba. Najeriya ba ta da irin wannan shiri na ƙasa baki ɗaya.

Ko da akwai, sai jariri ya zo hannu kafin a gwada shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Jadawalin rigakafi kuma daga na ranar haihuwa sai na mako shida. Makonnin da wannan cuta ke kisa sun faɗa ne a tsakiyar wannan tazara, lokacin da maijego ke ɗaka tana wankan jego.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri a tsakanin kwana na 7 da na 14. Ziyarar ba ta buƙatar fiye da sikeli da sanin nauyin haihuwa. Jaririn da bai koma nauyinsa ba a mako biyu, ga amai da ƙin nono, gwajin gishirin jini yake buƙata a ranar. Idan sakamakon ya nuna sodiyam a ƙasa fotashiyam a sama, a fara ceto a inda ake, sannan a tura shi sashen yara na babban asibitin koyarwa, irin na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri.

Ga iyalin da aka riga aka tabbatar da cutar a ɗansu ɗaya, ciki na gaba ya fi sauƙin tsarawa. A haihu a asibiti, a sanar da likitan yara tun kafin naƙuda, a ɗebi jinin 17-OHP bayan jariri ya cika awa 48, a kuma riƙa auna gishirin jininsa har sakamako ya fito, namiji ne ko mace. Akwai likitocin da ke ba mai ciki deksametazon tun farkon ciki don kare al'aurar 'ya mace, amma manyan ƙungiyoyin masana na kallon hakan a matsayin abin da ke matakin gwaji har yanzu. Dole ne a fara maganin kafin a san jinsin ɗan tayin ko yana da cutar, kuma lissafi ya nuna ɗaya ne kawai cikin takwas zai kasance mace mai cutar, sauran bakwai ɗin sun sha maganin da ba su buƙata.